GARGAƊI: Wani ya sayar min da agogo da takardar kuronomita ta bogi

Jama'a, sakan 40 a rana! Sakan 40 agogon nan yake ƙarawa kullum, alhali na biya kuɗin kuronomita, wato agogon da aka gwada aka ba shi takardar shaidar riƙe lokaci, kusan ninkin kuɗin irinsa da ba shi da takarda. Wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Kada wani ya ce da ka na saya. Sai da na nemi takardar shaida. Mai sayarwar ya zaro ta daga kwali ya miƙo min da hannu biyu, ga sunan COSC, hukumar gwajin agogo, a jiki, ga lamba, ya ce "Yallaɓai, wannan ba ya ƙarya." Ina ta tuno yadda ya miƙo takardar nan, ko ƙifta ido bai yi ba. Wa zai yi zargi?

COSC hukuma ce a Suwizalan tun 1973. Injin agogon take gwadawa kafin a sa shi a gidansa, kwana 15, a kwanciya iri biyar, a zafi uku: digiri 8, 23 da 38. A matsakaici, kada ya yi latti fiye da sakan 4 ko ya yi gaba fiye da sakan 6 a rana. Shida fa. Nawa 40.

Na san agogo mai wani, wato wanda ba na batir ba, ba ya tafiya daidai cif. Wata 'yar ƙafa ce a ciki take kai da komo da taimakon siririyar waya mai kama da gashi, a yawancinsu bugu 28,800 a awa. Zafi yana taɓa wayar, nauyi yana jan ƙafar daban idan agogon yana kwance ko yana tsaye, wanin ma idan ya kusa ƙarewa bugun yana raunana. Shi ya sa ake yafe 'yan sakan kaɗan, amma ba 40 ba.

Da na kira mai sayarwar sai ya ce maganaɗisu ne. Wannan kam yana faruwa: zoben wayar su manne da juna, ta gajarce, agogo ya riƙa gudu. To mai gyara ya cire maganaɗisun, ya ɗora shi a na'urar da ke sauraron bugu, yana nan a 40. Kafin nan ma, tun ranar ciniki, na ce a buɗe bayan, mai sayarwar ya ce garanti zai lalace. Da mai gyara ya buɗe, babu lamba ko ɗaya a jikin injin. Duk injin da COSC ta gwada akwai lambarsa a zane a jikinsa, ita ce kuma a takardar. Yanzu mai sayarwar ya toshe layina.

Hotunan takardar, da injin, da hirarmu, duk zan saka su anjima in sha Allah.

Kafin ku biya, a buɗe bayan a gabanku, ku haɗa lambar inji da ta takarda. Ya ƙi, ku riƙe kuɗinku.