Lambar QR ta shago: wacce za ka buga, wacce za ka guje wa

Kafin ka kai wa mai ɗab'i aikin lambar QR, ka fara sanin abin da ke cikinta. Ba kuɗi a ciki, ba jerin abinci a ciki. Rubutu ne kawai aka mayar da shi ƙananan gidaje baƙi da fari. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Manyan murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyi su ke nuna wa kyamara inda lambar ta fara da yadda ta juya, sai waya ta karanta rubutun. In adireshin shafi ne ta buɗe shi, in bayanin asusun ɗan kasuwa ne manhajar banki ta ɗauka. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane zaɓi ita ce: wane rubutu aka saka, kuma wa ke da iko da wurin da yake kaiwa?

A shafukan da ke haɗa lambar za ka ga zaɓi biyu, `Static` da `Dynamic`. Ta farko kafaffiya ce, adireshinka ne a cikinta kai tsaye, ba ta canzawa kuma ba ta da ranar mutuwa. Ta biyu kuwa adireshin kamfanin da ya haɗa maka ita ne a ciki, mai saye ya fara biyawa ta wurinsu sannan su tura shi wurinka. Shi ya sa suke iya canza maka inda take kaiwa, su ƙirga maka mutum nawa suka haska. Shi ya sa kuma suke iya rufe ƙofar duk ranar da suka ga dama.

Wannan ta biyun ce ta taɓa ƙona ni. Na haɗa lamba a wani shafi da ya rubuta kyauta da manyan haruffa, na buga katuna arba'in, aka lulluɓe su da leda, aka jera a kan tebura. Bayan mako biyu wata mai saye ta miƙo mini wayarta. Maimakon jerin abincinmu, sanarwa ce cewa lokacin gwaji ya ƙare, mai lambar ya biya kuɗin wata. Ba abin da ya lalace a katunan, hanyar ce dai ba tawa ba. Ko in riƙa biya har illa masha Allahu, ko in sake bugu. Na sake bugu.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi nake ba kowa shawara, shi ne kafaffiyar lamba mai kaiwa ga gajeren adireshi mallakina. Ka sayi sunan shafi naka, ka ware shafi ɗaya na jerin kaya, ka sa adireshinsa a lambar. Farashi ya canza, ka gyara shafin, katin da ke kan tebur bai san an yi ba. Ka ga ka sami amfanin mai sauyawar ba tare da ka miƙa wa wani wuyanka ba. Nauyin da ke kanka ɗaya ne, kada ka bari rajistar sunan shafin ta ƙare, don in wani ya saye shi duk katunanka wurinsa za su riƙa kai mutane.

Haɗa ta ba ya bukatar rajista a ko'ina. A kwamfuta akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna `qrencode`:

```
qrencode -t SVG -l Q -m 4 -o menu.svg "https://example.com/menu"
```

Harafin da ke bayan `-l` shi ne ƙarfin jure lalacewa. Matakai huɗu ne: `L` tana jure asarar kusan kashi 7 cikin ɗari, `M` 15, `Q` 25, `H` 30. Katin tebur yana shan maiƙo da ƙarzar farce, shi ya sa na zaɓi `Q`. Ita kuma `-m 4` farin fili ne mai faɗin gida huɗu kewaye da lambar. Masu zane suna son yanke shi don wai ya ci wuri, kada ka yarda, da shi kyamara ke gane iyakar lambar.

Gajartar adireshi ba ado ba ce. Wancan na misalin haruffa 24 ne, a matakin `Q` zai ba ka gida 29 a tsaye, 29 a kwance. In ka haɗa da farin filin sun zama 37, to a bugun santimita 4 kowane gida ya ɗan haura milimita ɗaya, ko tsohuwar waya za ta karanta. Amma adireshi mai haruffa 100 zai kai gida 49 kowane gefe, gidajen su ƙanƙance, mai saye ya yi ta matso da waya yana ja da baya. Game da girma, ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗin lambar ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan mai haskawa: ta bango da za a haska daga mita ɗaya ta kai santimita 10. Baƙi a kan fari, takarda marar ƙyalli. Ka buga guda ɗaya tak, ka gwada da wayoyi uku a hasken da shagon yake da shi da daddare, sannan ka ba da aikin sauran.

Lambar da ke kaiwa ga fayil ɗin `PDF` kuwa, a bar ta, nauyi gare ta kuma sai an yi ta zuƙo rubutu da yatsa.

Ta karɓar kuɗi daban ce, ba kai za ka haɗa ba. Bankinka ko kamfanin da kake karɓar kuɗi ta hannunsa ne zai ba ka, don tsarinta sai ya dace da manhajar mai biya. Ita ma iri biyu ce. Akwai ta liƙawa a kan kantar shago, mai saye ya haska ya rubuta adadin da hannunsa. Akwai wadda na'ura ko wayarka ke fitarwa sabuwa a kowane ciniki da adadin a cikinta. In kana da hali ɗauki ta biyu, babu kuskuren sifili, kuma babu takardar da ɓarawo zai rufe.

Don a nan ɓarnar take. Ido ba ya bambance lamba da lamba, duk zane ɗaya ne. Mutum zai shigo kamar mai saye, ya manna sitikarsa daidai girman taka a kai, cinikin yini guda ya zarce asusunsa. Mai saye ya biya da gaske, yana da shaida, kai kuma ba ka ga komai ba. Kowace safiya ka shafa lambar da yatsa ka ji ko akwai tudu a gefe, ka haska da wayarka ka ga sunan da ya fito. Ka rubuta sunan asusun da manyan haruffa a ƙasan lambar, ka koya wa yaran shago su tambayi mai biya sunan da ya gani kafin ya tura. In ma ka sa ta a bayan gilashi ko inda idon mai kanta ke kaiwa, ya fi.

Sai masu nuna hoton rasit a waya. Hoto ba kuɗi ba ne, haka saƙon tes, dukkansu ana ƙirƙirarsu. Abin da ya shiga manhajar asusunka shi ne ya shiga, kuma kaya ba sa fita sai ka gani a can. Akwai ma wanda zai ce ya tura maka fiye da kima, ko zai biya ka daga nesa, ya aiko maka lamba wai ka haska ka sa lambar sirrinka kuɗin su shigo. Lambar sirri ta fitar da kuɗi ce, ba a taɓa neman ta wurin mai karɓa.