Gaɓoɓin jiki: rabo bisa gini da rabo bisa motsi, ina suke haɗuwa, ina suke rabuwa?

Tambaya: «Assalamu alaikum yayye. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya a nan Maraɗi. An ba mu rabe-raben gaɓoɓi iri biyu, ɗaya bisa gini ɗaya bisa motsi, kowanne gida uku. Shin abu ɗaya ne aka sauya wa suna? Kuma mene ne sassan gaɓar sinobiyal?»

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba abu ɗaya ba ne, kuma zuwan da kowanne ya yi gida uku shi ne tarkon da ke kama ɗalibai, domin sai mutum ya jera su kafaɗa da kafaɗa ya ɗauka na farko ya yi daidai da na farko, na biyu da na biyu. Rabon gini yana tambayar abin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu: zare ne mai tauri, ko guringuntsi, ko kuwa kogo mai ruwa. Rabon motsi bai damu da abin da ke tsakani ba, abin da yake dubawa shi ne ko gaɓar ba ta motsi sam, wadda littattafanku ke kira sinartiroz, ko tana ɗan motsawa kaɗan, wato amfiyartiroz, ko kuwa tana motsi sosai, wato diyartiroz.

A gida ɗaya kaɗai rabon biyu suka dace sarai, shi ne na uku: duk gaɓar da ke da kogo mai ruwa, wato sinobiyal, ana lissafa ta cikin masu motsi sosai. Sauran gidaje biyun kuwa sun ratsa juna, kuma a nan ya kamata ki tsaya da kyau.

Ɗauki gaɓoɓin zare. Ƙasusuwan ƙoƙon kai suna haɗe ne da wani siririn zare a bakin da ya yi kama da haƙoran zarto, kuma a jikin babba ba sa motsi ko kaɗan. Haka ma haƙori a cikin raminsa na muƙamuƙi, gajerun zaruruwa ne ke riƙe da shi. Amma ƙasusuwan ƙwauri guda biyu, babba da ƙarami, su ma zare ne ya ɗaure su a can ƙasa kusa da idon sawu, sai dai da yake zaren ya fi tsawo, suna ɗan buɗawa kaɗan idan aka lanƙwasa ƙafa sama. Ga gini iri ɗaya, ga motsi iri biyu, kuma tsawon zaren ne ya kawo bambancin. Jariri ma ya isa shaida: maɗigarsa tantani ne mai faɗi tsakanin ƙasusuwan kai, shi ke ba su damar ɗan hawa juna lokacin haihuwa, ta baya takan rufe cikin wata 2 zuwa 3, ta gaba kuma galibi tsakanin wata 12 da 18, wani lokaci har shekara 2.

Gaɓoɓin guringuntsi ma haka suka rabu biyu. Akwai faifan girma da ke kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, guringuntsi ne mai santsi wanda ba ya motsi, kuma idan girma ya kammala sai ya rikiɗe ya zama ƙashi, gaɓar ta ɓace ke nan. Mahaɗin haƙarƙari na farko da ƙashin ƙirji shi ma irin wannan ne. A ɗaya ɓangaren kuma ga faya-fayai 23 da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, da mahaɗin ƙasusuwan ƙugu ta gaba a ƙasan mara, waɗanda guringuntsinsu gauraye yake da zare, suna kuma ɗan motsi. Motsin faifai guda bai taka kara ya karya ba, amma idan aka tara na dukkansu, shi ne ke taimaka wa mutum ya sunkuya ya yi ruku'u. Mahaɗin mara kuwa yakan ɗan saki ga mai juna biyu, za ki ga hakan idan kika fara aiki a ɗakin haihuwa.

Shawarata ita ce ki riƙe rabon gini a matsayin ginshiƙi, domin idan kin san abin da ke tsakanin ƙasusuwa za ki iya gano motsin da kanki, amma sanin motsi kaɗai ba zai gaya miki ginin ba. Idan aka ce gaɓa ba ta motsi, ba ki san ko zare ba ce ko guringuntsi.

Game da sassan gaɓar sinobiyal, zanen allo bai kai ƙafar akuya ba. Ki je wurin mahauci da safe ki roƙe shi ya buɗe miki gwiwar ƙafar baya a hankali, kada ya sare ta da gatari. Abu na farko da wuƙa za ta ci karo da shi jaka ce mai tauri, fara, wadda ta lulluɓe ƙarshen ƙasusuwan biyu ta manne da kowannensu, ita ce jakar gaɓa. Ninki biyu gare ta: na waje zare ne mai ƙarfi da ke hana ƙasusuwan rabuwa, na ciki kuwa tantani ne mai laushi, mai yawan hanyoyin jini, shi ne tantanin sinobiyal. Da zarar an huda jakar za ki ga ɗan ruwa garau ya fito, idan kika murza shi tsakanin yatsu biyu kika buɗa zai yi yauƙi kamar farin ƙwai, kuma daga kalmar ƙwai ta Latin sunan ya samo asali. Tantanin ne ke tace wannan ruwa daga jini, ya ƙara masa sinadarin da ke sa yauƙin. Ba shi da yawa: a lafiyayyar gwiwar mutum bai cika kai mililita 4 ba, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Sararin da ruwan ke ciki shi ne kogon gaɓa, kuma shi ne alamar da ta raba wannan gida da sauran biyun.

Sai ki duba kan ƙasusuwan, za ki tarar da su sanye da guringuntsi fari mai sheƙi kamar tangaran, wanda kaurinsa a manyan gaɓoɓin mutum yakan kai milimita 2 zuwa 4. Abubuwa biyu nake so ki riƙe game da shi. Na ɗaya, ba shi da hanyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, matsawa da sakewa lokacin tafiya su ke shigar da ruwan su fitar da shi kamar soso, shi ya sa yakan raunana a gaɓar da aka daɗe an ɗaure, shi ya sa kuma idan ya lalace ba ya warkewa yadda ƙashi ke warkewa. Na biyu, ba shi da jijiyar jin zafi, don haka yakan daɗe yana zaizayewa mutum bai sani ba, sai ciwo ya taso daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa da jakar da tantanin. Ki lura kuma cewa tantanin sinobiyal bai rufe guringuntsin ba, a bakinsa yake tsayawa, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi a zanen jarrabawa.

Daga waje akwai jijiyoyin ɗauri, masu haɗa ƙashi da ƙashi. Kalmar jijiya a bakinmu ta haɗa abubuwa da yawa, don haka ki bambanta su da agara, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Wasu gaɓoɓin suna da ƙari wanda ba kowace ke da shi ba, kamar matasan guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata a gwiwa, da ƴan jakunkunan ruwa masu rage guga tsakanin agara da ƙashi. Siffar kan ƙashi ce ke raba gaɓoɓin sinobiyal gida 6, daga mai buɗewa da rufewa kamar ƙyaure irin gwiwar hannu, zuwa mai ƙwallo cikin ƙoƙo irin kafaɗa da ƙugu, amma wannan darasi ne na daban.

Bari in nuna miki amfanin wannan a idon sawu, inda gidaje biyu ke zaune kusa da juna. A ce samari biyu sun zo daga filin ƙwallo, kowanne yana ɗingishi yana cewa targaɗe ya yi. Na farko tafin ƙafarsa ya karkata ciki ne da ya diro, kumburin yana gaba da ƙasan idon sawu na waje, kuma yana iya takawa ko da da ciwo. Wannan ya ja jijiyar ɗauri ce ta gaɓar sinobiyal, wadda ke tsakanin ƙasusuwan ƙwauri da ƙashin ƙafa, kuma da hutu da ɗauri da ɗaga ƙafa da komawa motsi sannu a hankali yakan samu sauƙi cikin ƴan makonni. Na biyu ƙafarsa tana kafe a ƙasa aka buge shi, ta murɗe waje. Ciwonsa yana sama da idon sawu, tsakanin ƙasusuwan biyu, kuma idan kika matse ƙwaurinsa a tsakiya da hannu, zafin can ƙasa yake ji, haka ma idan kika juya ƙafar waje. Wannan gaɓar zare ce ta taɓu. Aikinta shi ne ta riƙe ƙasusuwan biyu su zama kamar awartaki a kan ƙashin ƙafa, idan kuwa ta buɗe fiye da kima sai gaɓar sinobiyal da ke ƙarƙashinta ta rasa mazauni, nauyi ya taru a ɗan wuri, guringuntsi ya zaizaye da wuri. Jinyarsa ta fi tsawo, yana bukatar hoton ƙashi, wani lokaci har sai an yi aiki an ɗaure ƙasusuwan da kusa. Ko wanne daga cikinsu, idan bai iya yin taku 4 ba, ko yana jin zafi idan aka danna bayan ƙashin idon sawu, a tura shi hoto kafin a kai ga maganar ɗori, domin karaya kan ɓuya a bayan sunan targaɗe. Idan yaro ne da bai gama girma ba, sai a ƙara zargin faifan girma, wanda yakan riga jijiyar ɗauri karyewa.

Kogon ma yana da nasa labarin, tunda gaɓar sinobiyal kaɗai ke tara ruwa. Gwiwar da ta cika cikin awa 2 bayan faɗuwa daga babur galibi jini ne, alamar an tsinka jijiyar ɗauri ta ciki ko ƙashi ya tsage, wadda ta kumbura washegari kuwa ta fi kama da ruwan da tantani ya ƙara saboda raunin. Amma gaɓar da ta kumbura ba tare da rauni ba, ta yi zafi, ga zazzaɓi, mai ita ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan, a ɗauke ta a matsayin mai mugunya har sai an tabbatar da akasin haka. Likita zai zuƙo ruwan da allura, maimakon garau mai yauƙi sai a gan shi gurɓatacce, tsararo, ƙwayoyin jini farare sukan haura 50,000 a kowace milimita kubik, alhali na lafiya bai kai 200 ba. Irin wannan mara lafiya a ranar ake tura shi asibiti, domin mugunya na iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki.