Madafa ɗaya ta halal ko madafa biyu: kwatanci ga mai otel a Yamai

"Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina kula da wani otel mai ɗaki 40 a Yamai, baƙinmu akwai Musulmi, akwai Turawa da ƴan Cana, wasunsu kuma suna tambayar naman alade. Shin in mayar da madafar duka ta halal, ko in raba ta biyu?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Hanyoyin biyu duk ana bin su a otel-otel, har ƙa'idar da hukumar Kodeks, mai tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 1997 ta yarda a shirya abincin halal da wanda ba halal ba a gini ɗaya, muddin an raba sassan kuma an hana su haɗuwa. Sai dai wahalarsu ba wuri ɗaya take ba: hanya ta farko nauyinta yana bakin ƙofa, wurin karɓar kaya, ta biyu kuwa nauyinta yana cikin madafa daga safe har dare.

A wajen sayen nama da yanka babu bambanci tsakaninsu, domin ko an raba madafa, ɓangaren halal yana bukatar bincike iri ɗaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi a Nijar, yanka yana inganta ne idan an yi niyya, an ambaci sunan Allah, an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu daga gaba, ba tare da an ɗage wuƙa kafin a gama ba. A magana mafi shahara kuma, sai ƙullin maƙogwaro ya kasance ta ɓangaren kai, barin sa ta ɓangaren jiki kuwa kuskure ne da masu yanka kaji da gaggawa kan faɗa ciki. Naman shanu, tumaki da awaki daga babbar mayankar Yamai bai cika tayar da hankali ba, tunda mahautanmu Musulmi ne, amma a tuna cewa hatimin likitan dabbobi shaidar lafiya ce kawai, ba shaidar yadda aka yi yanka ba. Inda ya kamata ka tsaya da kyau shi ne kaji da nama masu ƙanƙara da ake shigowa da su daga waje. A manyan masana'antu akan sumar da kaza da lantarki kafin a yanka ta, kuma idan ta mutu kafin wuƙa ta iso, ta zama mushe. Rubutun "halal" a jikin kwali bai isa ba; ka nemi takardar shaida mai ɗauke da sunan mayankar, da ranar yanka, da lambar kason kayan, ka kuma duba cewa lambar ta yi daidai da wadda ke jikin kwalin da aka sauke maka. Ni dai a Yamai na fi ganin sauƙin ƙulla yarjejeniya da mai gidan gonar kaji, a riƙa yankawa a gaban mutum guda naka da ya san hukuncin. Kifin kogi da na teku ba ya bukatar yanka.

A madafa ɗaya ta halal, idan wannan binciken ya tabbata, abin da ya rage shi ne kayan haɗi: jalatin da ke cikin kayan zaƙi, kitsen alade a wasu nau'o'in fate na Turawa, wato niƙaƙƙen naman da ake shafawa a burodi, giyar da girkin Faransa ke zubawa a miya, da barasar da ake jiƙa wasu kek da ita. Mai kula da sito ya karanta jerin abin da ke cikin kowane sabon gwangwani sau ɗaya, a rubuta waɗanda aka amince da su, a hana sayen wanda ba ya cikin jerin. Daga nan kowace wuƙa da kowace tukunya ɗaya suke, ko da sabon yaro ya ɗauki ludayin da ba nasa ba, babu abin da ya ɓaci.

Madafa biyu ita ce ke bukatar dogon bayani, saboda mutane da yawa suna zaton wuƙa mai jan ƙota da wani katakon yanka na dabam sun wadatar. Ƙarfe da tangaran suna tsarkaka idan aka wanke su da ruwa mai tsarki har launi da wari da ɗanɗanon najasa suka gushe. Amma Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa abubuwan da ba sa karɓar tsarki, cikinsu akwai man da najasa ta cakuɗa da shi, da naman da aka dafa da najasa, da tukunyar ƙasa da najasa ta ratsa. Mu ɗauki misali da daren Asabar, baƙi sun cika, mai girki ya jefa tsiran alade a tukunyar suya mai cin lita 15 na mai, bayan minti goma ya soya dankalin Turawa na teburin wani Alhaji a cikinta. Man nan duka ya najastu, dankalin ma haka, kuma tacewa ba ta gyara shi. Sai a zubar da lita 15 ɗin, a wanke tukunyar. Abin da ya fi muni shi ne babu alamar da za ka gani da ido, sai dai wani ma'aikaci ya faɗa maka. Saboda haka rabuwa ta gaskiya tana nufin tukunyar suya biyu, magasa biyu, injin niƙa nama biyu, wurin wanke-wanke biyu da sosonsa, da ma'aikacin da ba ya tsallakawa ɗaya ɓangaren a lokacin aiki.

Ajiya ma haka take. Ɗanyen nama yana son sanyi tsakanin digiri 0 da 4, mai ƙanƙara kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Wasu sukan ajiye alade a can ƙasan firigo, halal a sama, da hujjar cewa ruwa ba ya hawa sama. Wannan yana iya tafiya a firigo mai hawa-hawa, amma a kwanjilatar mai buɗewa ta sama kaya suna kan juna ne, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, idan wuta ta ɗauke na ƴan awoyi injin bai tashi ba, ruwan jinin da ya narke yakan taru a ƙasa ya jiƙa kowane kwali da ledarsa ta huje. Kwanjilatar ta dabam mai makulli ce kaɗai mafita, kuma ita ma sai an ɗora ta a kan injin wuta.

Yanzu ka ɗauko littafin odarku na wata uku ka ƙirga. Idan kuna fitar da faranti 80 a rana, wato 560 a mako, sai ka tarar faranti 10 ne kawai a mako aka nemi alade, to za ka gina ɗaki, ka ninka kayan aiki, ka ƙara albashi saboda abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Akwai kuma batun da ya fi lissafi: hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito ya haramta sayar da giya, da mushe, da alade, don haka idan mai otel ɗin Musulmi ne, raba madafa yana kare abincin baƙo ne kawai, bai halatta cinikin ba.

A otel mai ɗaki 40, shawarata ita ce madafa ɗaya. Baƙon da ya saba da jambon da safe a ba shi na talotalo ko na shanu mai shaida, a gabatar masa da kilishi da gasasshen rago da kifin kogi, a kuma rubuta a takardar abinci cewa duk abin da ake dafawa a gidan halal ne, domin ya sani tun kafin ya zauna.