Hattara da masu cewa "lamba ɗaya ce" a cinikin kwamfiresar firiza

Masu ƙanƙara, zoɓo da kunun aya a garuruwanmu, daga Wudil har Gumel, a kula. Akwai masu sayar da kayan firij da ke cin kasuwarsu da tsofaffin firizoji 'yan Beljiyam idan kwamfiresa ta ƙone. Maganarsu ba ta wuce: "Alhaji, irin taka an daina yi, amma ga madadinta, duba ma lamba ɗaya ce." Rabin maganar gaskiya ce, an daina ɗin. Sauran rabin shi ne inda ake yanka mutum.

A ɗauki firizar da aka rubuta TL5A a jikin kwamfiresarta, ƙirar Danfoss. TL sunan gidan ne. Lambar 5 girman silinda ce, wajen santimita kubik 5 na gas a kowane bugu. Harafin ƙarshe shi ke faɗin irin gas ɗin, kuma shi ne mai wayon ba ya so a kalla. A ko B na nufin R12, tsohon gas da aka hana saboda illarsa ga sararin sama, wanda wa'adin daina shi a ƙasashe irin namu ya cika a 2010. F da G na R134a ne, K kuma na R600a. A ƙirar Caina mai farawa da QD ma haka abin yake: QD65H ta R134a ce, QD65Y ta R600a.

To sai a miƙo maka mai 5 da K a ƙarshe, a ɗora yatsa a kan 5 ɗin. Matsalar ita ce R600a a silinda mai girma ɗaya sanyin da yake bayarwa bai fi rabi da ɗan wani abu na R134a ba. Idan aka zuba mata gas ɗinta, za ta wuni tana aiki ba hutu, ta shanye man janareta, ledar ruwa ta yi sanyi amma ta ƙi daskarewa. Idan kuma mai gyara ya ɗura mata R134a, nauyin ya fi ƙarfin motarta, man cikinta ma ba ya gauraya da wannan gas. Za ka ji tana tashi, ta yi "ƙas" ta tsaya, bayan 'yan mintuna ta sake, har ranar da za ta ƙone. Ga shi R600a yana kama wuta, tsohuwar firiza kuwa ba a ƙera wayoyinta da wannan lissafin ba.

Madadin TL5A na hankali shi ne na gidan su mai R134a, wato TL5F ko TL5G. Tun 2010 sashen Danfoss mai ƙera waɗannan ya koma sunan Secop, don haka a kundinsu ake neman jerin madadi. A jerin, kada ido ya tsaya a suna. A gwada ƙarfin sanyi da aka rubuta da wat, a ma'aunin gwaji iri ɗaya, domin adadin ASHRAE ya fi na CECOMAF yawa alhali kwamfiresa ɗaya ce. A tabbata an rubuta LBP, ita ce ta daskarewa, da 220-240V 50Hz. Mai 115V 60Hz ba ta wutarmu ba ce. Ko madadin ya yi daidai, sai an wanke tsohon mai daga bututu, an sa sabuwar filta, an zuƙe iska da injin bakum, sannan a auna gas a sikeli, ƙasa kaɗan da giram ɗin R12 da ke rubuce a bayan firizar. Wanda ya ce zai "fasa iska da gas" kawai, aikin wata uku yake shirin yi maka.

Ɗaya damfarar ta fi muni: tsohuwar kwamfiresa ce ake yankewa, a sake naɗin waya, a yi walda, a fesa baƙin fenti, a manna sabuwar sitika. Sabuwa tana zuwa da toshiyar roba a bakin bututunta uku, idan aka zare ana jin 'yar iska ta fita, jan ƙarfen kuma tas yake babu tabon wuta. Ɗinkin waldar da ya zagaye cikinta sumul yake, ba tudu da kwari ba. Fenti a kan fil uku na wuta ko ƙanshin sabon fenti, ajiye ta.

Kafin a tafi kasuwa a ɗauki hoton sitikar tsohuwar kwamfiresar da ta bayan firizar, a tafi da mai gyara da mitarsa. Fil ukun nan na wuta ana kiransu C, R da S. Awon fil na C zuwa R da na C zuwa S in an haɗa su ya zo daidai da na R zuwa S, kuma kada mita ta nuna haɗuwa tsakanin kowane fil da gangar jiki. Wannan awon lafiyar waya kawai yake nunawa, ba ƙarfin bugu ba, don haka a sa mai kaya ya rubuta cikakkiyar lambar har da harafin ƙarshe a rasit, da kwanakin da za a iya mayarwa, kafin kuɗi su bar aljihu.