Power Query ko manhajar waya wajen kwashe takardun albashi?

"Jama'a, ina riƙe da lissafin wata makaranta a Kubwa, ma'aikata 64. Takardun albashinsu duk PDF ne, ina so in zuba ainihin albashi, alawus, abin da aka cire da abin da ya shiga asusu a Excel. Manhajar waya mai karanta hoto zan saya ko Power Query zan koya?"

Hajiya, Power Query za ki koya. Amma fara buɗe takarda ɗaya ki ja linzami a kan lambobin. In suka zaɓu, rubutu ne na gaske, kin huta.

Ni a Jos nake, ina yi wa ƙungiyar adashen ma'aikata wannan aiki. A da kwana biyu nake yi ina buga lambobi, har idona ya riƙa ruwa. Yanzu takardun wata nake tarawa a jaka ɗaya, in bi Data > Get Data > From File > From Folder a Excel na Microsoft 365, in gyara takarda ɗaya, sauran su bi sahu. Ranar farko kafin a kira la'asar na gama, wallahi har sai da na sake ƙirgawa.

Wurin da za ki kula shi ne alawus. Wani yana da uku, wani biyar, don haka layi na huɗu a takardar malami ba shi ne na huɗu a ta direba ba. Ki bi sunan abu, kada ki bi matsayinsa: kowane layi ya ɗauki lambar ma'aikaci, wata, sunan abu da kuɗinsa, daga baya ki yi Pivot Column.

Manhajar waya kuwa na taɓa biyan kuɗinta, ban ƙara ba. Tana da rana in takardar hoto ce, shi ke nan. Wani ma'aikaci ainihin albashinsa ₦120,000, kuɗin gida ₦40,000, na mota ₦20,000, jimla ₦180,000. Fansho kashi 8 cikin ɗari na ukun nan ne, wato ₦14,400. Manhajar ta karanta waƙafi a matsayin ɗigo, ta rubuta 14.400, fansho ya koma naira sha huɗu da kwabo arba'in. Wannan ne ya tona ta:

```
=ROUND(F2-K2-L2,2)
```

F jimlar albashi, K jimlar abubuwan da aka cire ɗaya bayan ɗaya, L abin da ya shiga asusu. Dole ya ba da sifili, ni kuma ya ba ni 14,385.60. Ki sa shi a kowane layi ko da Power Query kike aiki.

Sannan don Allah ki guji masu cewa ki turo musu takardun ta WhatsApp su juya miki da araha. Akwai sunan mutum, lambar asusunsa da albashinsa a ciki, kuma da irinsu ake neman bashi da sunan wani. Masu sa Office a kan naira dubu biyu a kasuwa ma sukan ce 365 ne alhali tsoho ne. Kafin ki biya, a buɗe a gabanki ki ga From PDF a ƙarƙashin From File.