Barcin sanyi ko barcin rani: wanne zan nuna wa ɗalibai?

"Jama'a, ina koyarwa a wata sakandare a nan Kano. Ina so in nuna wa yara dabbar da ke dogon barci. Mai barcin sanyi zan nema ko mai barcin rani?"

Malama, nemi gaiwa, mai barcin rani.

Na taɓa sayen bushiya don wannan aikin, na yi da-na-sani. Bushiyar Turai ce ke kwana watanni, jikinta ya huce, tana rayuwa da kitsen da ta tara. Tawa kuwa har hunturu ya wuce tana cin ƙwarinta kowane dare.

Gaiwa fa daban ce. Wani masunci daga wajen Wudil ya kawo mini curin busasshiyar laka a watan Maris, da ɗan rami a samansa kamar na gara. Na sa shi a baho, na zuba ruwa kaɗan. Kafin la'asar lakar ta saki, sai ga ta a naɗe, jela ta rufe kai, tana motsi a hankali. Yarana har yau suna zancen ranar.

Idan fadama ta fara ƙafewa, da baki take haƙa taɓo, tana fitar da shi ta marfin kunnuwanta, har ta nutse. Sai fatarta ta fitar da yauƙi, ya bushe ya zama jaka ya lulluɓe ta, ban da ƙofa ɗaya daidai baki. Huhu gare ta, don haka ta wannan ramin take shaƙar iska. Jakar ce ke hana ruwan jikinta tsiyayewa, shi ya sa idan aka fasa ta da rani sai ta bushe ta mutu.

Da Hausawa suka ce gaiwa jikinta take ci, gaskiya suka faɗa. Ba kitse kaɗai ba, har tsokarta take narkarwa. Narka tsoka na haifar da amoniya, guba ce, kuma babu ruwan da zai wanke ta. Sai hantarta ta mayar da ita yuriya, wadda jiki ke iya jurewa, ta tara har damina ta zubar. Mai barcin sanyi, irin kuregen ƙasashen ƙanƙara, yakan farka duk bayan mako biyu ko uku jikinsa ya ɗumama. Ita sai ruwa ya taɓa ta.

A kula da masu sayarwa. Wani zai miƙa miki tarwaɗa ya rantse gaiwa ce. Tarwaɗa na da gashin baki. Gaiwa ba ta da shi, sai zare huɗu sirara a madadin fukafukai, da jela mai tsini. Idan curi ne, ki sunsuna ramin kafin ki biya, in da ɗoyi ta mutu.

Kada ki cika bahon, ta samu ta leƙo ta sha iska, in ba haka ba ruwa zai kashe ta. Kuma yara kada su sa yatsa, tana cizo sosai.