Tabon ƙurji a baƙar fata: wane mai ya cancanci kuɗinki?

'Yar'uwa, kafin ki ciro kuɗi ki fara tantance wane irin baƙi ne a fuskarki. Tabon da nake magana a kai shi ne wanda ke fitowa daidai gurbin da ƙurji, ƙuna ko cizon sauro ya warke. Kumburin wurin ne ke tunzura ƙwayoyin da ke samar da launin fata su zubo shi fiye da kima, kuma namu masu duhun fata sun fi saurin tunzura. Shafa shi da yatsa: sumul yake, ba rami ba tudu. Idan ruwan ƙasa ne, launin yana saman fata, yakan dushe cikin wata 6 zuwa 12. Idan ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, launin ya nutsa ƙasa, yana iya ɗaukar shekaru, kuma man shafawa ba ya yi masa aiki sosai.

Baƙin da ke shimfiɗuwa a kumatu biyu iri ɗaya, da goshi da saman leɓe, ba tare da wani ƙurji ya riga shi ba, wannan melasma ce. Ta fi zuwa da juna biyu ko ƙwayar tazarar haihuwa, tana tafiya tana dawowa. Baƙin wuya mai kauri da laushi kuwa yawanci yana tafe da ƙiba ko ciwon suga, gwajin jini yake nema. Kyasbi yana da ɗan gari idan an kankare shi, maganinsa daban. Tabon da ke girma, yana sauya siffa ko zubar da jini, na likita ne kai tsaye.

Ni dai zaɓina asid azelayik ne, wanda ake rubutawa Azelaic acid a jikin kwali, mai ƙarfin kashi 15 ko 20 cikin ɗari. Aiki biyu yake yi: yana kashe ƙurajen, yana kuma rage launin da ya yi yawa ba tare da ya ɗashe sauran fuskar ba. Wannan na farkon kada ki raina shi, domin muddin sababbin ƙuraje na fitowa, tabo ba zai ƙare ba. A ce kina da tabo ruwan ƙasa a haɓa: ki wanke fuska da sabulu marar zafi, ki bari ta bushe, ki shafa kamar ƙwayar wake a duk wurin da ƙurajen ke fitowa, da dare kaɗai na mako 2, sannan safe da dare. Zai ɗan yi miki tsikari da ƙaiƙayi da farko, yakan lafa. Idan fata ta fara saɓa ko raɗaɗi, ki koma kwana ɗaya bayan ɗaya, don wannan zafin kansa sabon tabo yake haifarwa. Kada ki yanke masa hukunci kafin wata 3. Likitoci sukan bar masu juna biyu su yi amfani da shi, amma ki sanar da su a wurin awo.

Cikin sauran mayukan tabo, Adafalin yana aiki, sai dai yana busar da fata, kuma ba na mai ciki ba ne. Bitamin Si yana lalacewa da zafinmu, da ya koma ruwan ƙasa a kwalba ya tashi aiki. Nayasinamaid mataimaki ne kawai. Lemun tsami da kanwa ƙona fata suke yi. Kowanne kika ɗauka, ki haɗa da man kariyar rana mai lambar SPF 30 ko sama, in ba haka ba rana za ta mayar miki da aiki baya.

Inda ake cutar mutane shi ne man haɗi, wanda ake ɗurawa a roba ba suna ba lamba, a ce kwana bakwai tabo ya ɓace. Irinsa ya taɓa ƙona ni, shi ya sa ba na sassauta masa. Saurin da yake yi daga sitiroyid ne, wanda a bututunsa na asali ake rubutawa Clobetasol ko Betamethasone. Fuska ta yi haske, sannan fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje su dawo fiye da da bayan kin daina. Wasu suna zuba sinadarin hasken fata haidirokwinon mai yawa, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake jawo wani baƙi mai shuɗi a kumatu da kusan ba ya fita. Haidirokwinon kansa magani ne na gaske, amma na 'yan watanni a hannun likitan fata. Mafi muni shi ne mai sinadarin makuri, wato zaiba, da ke lalata ƙoda, yana kuma iya cutar da jariri ta ciki ko ta nono.

Ki saya a kantin magani mai rajista. Ki duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da jerin abin da ke ciki tare da adadinsa. Kalmar "na gargajiya" ko "oganik" a jikin roba ba ta tabbatar da komai. Idan mai sayarwa ta ce miki sirrin haɗinta ne ba za ta faɗa ba, ki ajiye mata kayanta.